Sababbin kwamfutoci sun ƙi tashi ta netwok sai an kashe Secure Boot, yaya za a yi?

"Salam Injiniya. Ina kula da kwamfutoci 24 a wani ofis a Tudun Wada nan Gombe, 16 tsofaffi ne 8 kuma sababbin laftof da aka kawo watan jiya. Na haɗa sabar PXE da dnsmasq don in daina yawo da filas, na haɗa ipxe.efi da kaina, tsofaffin suna tashi lafiya lau amma sababbin sai su sauke fayil ɗin sannan su wuce Windows kamar ba a yi komai ba. Da na kashe Secure Boot a guda ɗaya sai ta tashi, amma daga baya BitLocker ya tare ni da neman lamba. In kashe musu duka ne kawai? Kuma oga yana tambaya ko wani zai iya shigo mana ta wannan hanyar."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka kashe. Laftof ɗin nan lafiyarsu ƙalau, aikinsu suke yi, fayil ɗinka ne ba shi da sa hannun wanda suka sani. Kuma tambayar oganka tana kan hanya, eh ana iya shigo muku, sai dai maganin wannan daban da maganin wancan, kuma haɗa su da mutane suke yi shi ke jawo ruɗani.

PXE tsohon tsari ne, Intel ta fitar da siga ta 2.1 tun 1999, lokacin da ake ɗauka duk wanda ke kan wayar ofis ɗan gida ne. In ka danna F12 kwamfuta tana yin shela ne a netwok tana neman adireshi ta DHCP, a cikin shelar tana faɗin ko ita wace iri ce (lamba 0 tsohon BIOS, 7 ko 9 UEFI mai 64), sai saba ta amsa mata da adireshi da sunan fayil da inda za ta ɗauko shi, ta je ta sauke ta TFTP a ƙofa ta 69, ta kunna shi. Duk cikin wannan tafiyar babu inda take tambayar wanda ya amsa mata waye shi. DHCP ba ya tantance kowa, TFTP ba shi da kalmar sirri ba shi da ɓoye bayani. Kamar yaro ne ya tsaya a Tashan Dukku yana cewa wa zai kai ni, duk wanda ya ce zo sai ya bi.

Secure Boot an kawo shi ne daga baya, ya yaɗu da zuwan Windows 8 a 2012, kuma abu ɗaya tak yake dubawa: fayil ɗin da za a kunna, wa ya sa masa hannu. A cikin allon uwar kwamfutar akwai jerin satifiket da aka yarda da su, sunansa db, da jerin waɗanda aka soke, sunansa dbx. Ba ruwansa da ko fayil ɗin daga filas ya zo ko daga hadis ko daga netwok. Shi ya sa kake ganin "NBP file downloaded successfully" sannan shiru, saukewa ta yi, wajen kunnawa ne aka duba ba a ga sa hannu ba aka jefar da shi aka wuce abu na gaba a jerin tashi. Wasu kwamfutocin suna nuna jan allo ko su rubuta maka an ƙi, wasu kuma ko uffan. Tsofaffin 16 ɗin ka duba su, za ka tarar ko suna kan Legacy ko kuma wanda ya sayar ya riga ya kashe musu Secure Boot tun a shago, haka 'yan kwatano suka saba zuwa.

Maganar BitLocker kuwa, yanayin Secure Boot yana cikin abin da TPM, ɗan guntun tsaron da ke cikin kwamfutar, ke aunawa kafin ya saki makullin hadis, a ma'auni na 7. Ka taɓa shi ma'aunin ya canja, sai a nemi lambobin nan 48. Sau da yawa in ka mayar da shi a kunne kamar yadda yake ta koma daidai, amma tun yanzu ka tattara lambobin duka takwas ɗin ka ajiye su a wurin da ba kan laftof ɗin ba kafin ka ƙara shiga BIOS.

Sarƙar da ya kamata ka jera

Kusan kowace kwamfuta tana zuwa da satifiket biyu na Microsoft a db. Ɗaya na Windows ne kanta, Microsoft Windows Production PCA 2011, ɗayan kuma Microsoft Corporation UEFI CA 2011 wanda suke sa wa kayan wasu hannu da shi. Linux ta na biyun take shiga. Akwai wani ɗan ƙaramin fayil, shimx64.efi, Microsoft ta sa masa hannu, a cikinsa kuma akwai satifiket ɗin masu wannan Linux ɗin, misali na Ubuntu yana ɗauke da na Canonical. To kwamfuta ta yarda da shim, shim ya yarda da GRUB na gidansu, sannan a duba kanel shi ma da satifiket ɗin gidan. Duk inda sarƙar ta tsinke nan tafiya ta tsaya.

Daga nan za ka gane me ya sa wasu hotunan netwok ba za su taɓa wucewa ba. pxelinux.0 da undionly.kpxe da memdisk na tsohon BIOS ne, ko ka kashe Secure Boot ba za su tashi a UEFI ba, wannan ma ba laifinsa ba ne amma kullum shi ake zagi. syslinux.efi da ipxe.efi da ka haɗa da kanka na UEFI ne amma ba sa hannu. Sai kuma haɗin gambiza, shim na Ubuntu da kanel na Debian, kowanne da sa hannunsa mai kyau amma ba 'yan gida ɗaya ba ne.

In sabarka Ubuntu ce, ka saka shim-signed da grub-efi-amd64-signed, ka kwafo su haka:

```
cp /usr/lib/shim/shimx64.efi.signed /srv/tftp/shimx64.efi
cp /usr/lib/grub/x86_64-efi-signed/grubnetx64.efi.signed /srv/tftp/grubx64.efi
sbverify --list /srv/tftp/shimx64.efi
```

Lura da kyau, grubnetx64 za ka ɗauka ba grubx64 na hadis ba, amma dole ka canja masa suna zuwa grubx64.efi don shi shim sunan da yake nema ke nan a gefen inda aka ɗauko shi. Shi kuma wannan GRUB ɗin yana neman tsarinsa a grub/grub.cfg ƙarƙashin /srv/tftp. Layi na uku zai nuna maka wanda ya sa hannu, in ka gwada shi a kan ipxe.efi ɗinka za ka ga ya ce babu. Sai dnsmasq ya riƙa raba wa kowa nasa:

```
dhcp-match=set:efi64,option:client-arch,7
dhcp-match=set:efi64,option:client-arch,9
dhcp-match=set:bios,option:client-arch,0
dhcp-boot=tag:efi64,shimx64.efi
dhcp-boot=tag:bios,undionly.kpxe
enable-tftp
tftp-root=/srv/tftp
log-dhcp
```

In kuwa Windows zalla kake zubawa a ofis ɗin, to gaskiya hanya mafi sauƙi ita ce WDS a Windows Server, fayil ɗinsa na farko wdsmgfw.efi yana da sa hannun Microsoft tun daga gida, ba sai ka bi ta shim ba sam.

Yadda ake gane inda ta tsinke

Ni ba na tsayawa kallon allon laftof don saƙon yana wucewa kafin ka karanta, rajistar saba nake buɗewa da `journalctl -fu dnsmasq` in kunna kwamfutar in zuba ido. Kowane fayil da aka nema zai fito a jere, kuma fayil na ƙarshe da aka aika shi ne aka ƙi.

Ɗauki laftof ɗaya. In ba ka ga komai ba a rajista, allon kuma ya ce PXE-E16 ko PXE-E18, maganar ba ta kai ga Secure Boot ba ma tukuna, matsalar waya ce ko DHCP ko suwic da ke ɗaukar kusan daƙiƙa 30 kafin ya buɗe rami saboda ba a sa masa portfast ba. In ka ga PXE-E23 sabar ta amsa amma ta ce ba fayil ko ba izini, ka duba suna da babban baƙi da ƙarami. Za ka kuma ga wani layi mai "error 8 User aborted the transfer" kafin a aika fayil na farko, kar ya ɗaga maka hankali, kwamfutar girman fayil ɗin take tambaya ta katse sannan ta dawo ta sauke.

In an aika shimx64.efi amma ba a taɓa neman grubx64.efi ba, kwamfutar ce ta ƙi shim. A sababbin laftof wannan shi ne abin da na fi cin karo da shi, kuma ina zargin zai same ka a cikin takwas ɗin nan: waɗanda ake kira Secured-core suna zuwa da satifiket na biyun a kashe. A ThinkPad za ka ga "Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA", a Dell "Enable Microsoft UEFI CA", a HP "Enable MS UEFI CA key". Kunna wannan za ka yi ka bar Secure Boot a kunne. Shi ma yana iya ta da BitLocker, saboda haka ka dakatar da shi tukuna da `manage-bde -protectors -disable C:` kafin ka shiga BIOS.

In an aika grubx64.efi sannan shuɗin allo ya fito da "Verification failed: (0x1A) Security Violation", shim ne ya ƙi GRUB, ko ba 'yan gida ɗaya ba ne ko GRUB ɗin ya tsufa. In menu ya fito ka zaɓa sai ka ga "bad shim signature" da "you need to load the kernel first", kanel ne, ko na wani gida ko wanda aka haɗa da hannu.

Akwai kuma wanda ya fi ban haushi, abin da jiya yana aiki yau ya daina ba ka taɓa komai ba. Tun da aka gano ramin BootHole a GRUB a Yulin 2020 ake ta soke tsofaffin fayiloli, da farko ta dbx, daga baya aka kawo SBAT wanda yake soke duk abin da ya gaza wata siga. Sokewar a cikin kwamfutar take zama, kuma sabuntawar Windows ma tana iya kawo ta, kamar yadda aka yi a Agustan 2024 da mutane suka wayi gari da "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation". Don haka kwamfuta biyu iri ɗaya a tebur ɗaya, ɗaya ta tashi ɗaya ta ƙi, bambancin kawai wacce ta sami intanet ta sabunta. Fayilolin da ka kwafa zuwa /srv/tftp ba sa sabunta kansu in ka yi apt upgrade, kwafi ne, sai ka sake kwafowa. Ɓangaren Windows ma haka yake, in aka kammala matakan CVE-2023-24932 a kwamfuta, satifiket ɗin Windows na 2011 yana shiga dbx, duk tsohon abin tashi na WinPE sai ya daina aiki a kanta sai wanda aka sa wa hannu da Windows UEFI CA 2023. Su kansu satifiket na 2011 wa'adinsu 2026 ne, na UEFI CA a Yuni na Windows a Oktoba, shi ya sa in za ka karɓi sababbin kaya ka tashe su da Linux ka duba db ɗinsu da `mokutil --db` ka ga na wace shekara suke ɗauke da shi, ka gwada da abin da sbverify ya nuna a kan shim ɗinka.

Wani zai ce ka ƙirƙiri makullinka ka sa wa ipxe.efi hannu da sbsign. Ana yi, amma ka san abin da ka ɗauko. In ta MOK, jerin makullan mai kwamfuta da shim ke dubawa, ka shigar da makullin, shim kaɗai ya san shi, kwamfutar kanta ba ta san shi ba, don haka har yanzu shim ne zai zo farko, kuma sai ka zauna gaban kowace kwamfuta ka amince a shuɗin allo. In a db ka sa shi, nan ma kowace sai an shiga BIOS, kuma duk ranar da makullin nan ya fita daga hannunka wanda ya tsinta zai iya kunna abin da ya ga dama a duka 24. Ga ofis irin naku ni ban ga ribar ba, sai dai in akwai wani abu da iPXE kaɗai ke yi maka wanda GRUB ya kasa.

Amsar oga

Ga inda mutane suke sakin baki. Ko ka jera sarƙar nan tsaf, Secure Boot bai duba grub.cfg, bai duba initrd, bai duba layin umarnin da ake ba kanel. Kuma shim da GRUB da kanel masu sa hannu kowa yana iya saukewa kyauta. Ma'ana mutum ya zo da laftof ɗinsa ya soka a ramin netwok na ɗakin jira, ya ta da DHCP nasa, ya ba kwamfutarku ingantaccen shim da ingantaccen kanel amma da initrd ɗin da ya dafa da kansa, Secure Boot zai buɗe masa ƙofa da fara'a. In hadis ɗin ba a kulle yake ba sai ya kwashe abin da ke ciki ko ya goge. Abin da ke tare shi a nan BitLocker ne, don TPM ba zai saki makulli ga abin da ba Windows ɗin da ya sani ba, wannan ma wani dalili ne na barin su biyun a kunne tare.

Ɗaya ɓangaren kuma ba sai ya yi wannan wahalar ba. Duk abin da ke cikin /srv/tftp kowa a netwok zai iya ɗauka in ya san sunan, kuma grub.cfg zai faɗa masa sauran sunayen. Na sha buɗe sabar mutane in tarar da kalmar sirrin admin a preseed ko kickstart a fili, a MDT kuma Bootstrap.ini da ke cikin hoton tashi yana ɗauke da suna da kalmar sirrin shiga rumbun fayiloli baro-baro, ta unattend.xml kuwa da ake gani kamar a ɓoye take base64 ce kawai, minti ɗaya an warware. In dole sai an sa asusu, a buɗe na musamman da ba ya iya komai sai karanta rumbun, kalmar sirrin admin ta farko kuma a canja ta da zarar an gama zubi.

Ba ma sai mugu ba. Akwai wani ofis a Bauchi da aka kira ni, zubi yana farawa lafiya, menu ya fito, kanel ya sauka, sai a tsakiya ya ce ya kasa samun saba, kuma ba kullum ba, wata ta wuce wata ta maƙale. An canja waya an canja suwic an zargi wuta. Da na kunna `tcpdump -eni eth0 port 67 or port 68` sai ga amsa biyu ga kowace shela, tamu ta 192.168.30 da wata ta 192.168.0.1. Ashe wani ma'aikaci ne ya kawo ƙaramar rautarsa daga gida don wayarsa ta sami waifai, ya soka wayar ofis a ramin LAN maimakon WAN. A matakin farko kwamfutar tana fifita amsar da ke da sunan fayil shi ya sa take zuwa wurinmu, amma da kanel ya tashi sai ya sake neman adireshi, shi kuma wanda ya riga amsawa yake bi. Mun bi adireshin MAC ɗin a teburin suwic har ƙarƙashin teburinsa, bawan Allah bai ma san ya yi wani abu ba.

Maganin wannan a suwic yake, sunansa DHCP snooping, wato ka gaya masa ramin da aka yarda amsar DHCP ta fito daga ciki, sauran duk ya toshe. A Cisco:

```
ip dhcp snooping
ip dhcp snooping vlan 30
no ip dhcp snooping information option
interface Gi0/1
 ip dhcp snooping trust
```

Layi na uku yana hana suwic ɗin liƙa zaɓi na 82 wanda wasu sabobin ke jefar da buƙata saboda shi. Kuma in rauta ce ke raba adireshi, sabar PXE tana ƙara sunan fayil ne kawai daga gefe, to rami biyu za ka amince wa, na rauta da na sabar, in ka manta na biyun kai da kanka ka kashe PXE ɗinka ka koma kana neman PXE-E16. MikroTik ma yana da shi a kan bridge, dhcp-snooping=yes sannan trusted=yes a ramin.

In suwic ɗinku irin na kasuwa ne mai rami 24 da ba a shiga cikinsa, wannan duk ba zai yiwu ba, kuma ba na so ka je ka ce wa oga an tsare alhali ba a tsare ba. Abin da nake yi a irin wannan wurin, kuma wallahi ya fi min kwanciyar hankali ko a inda ake da kaya masu tsada, shi ne teburin zubi: ƙaramin suwic mai rami 8 daban, sabar PXE a kansa ta katin netwok nata, dnsmasq a ɗaure da wannan katin kaɗai da interface= da bind-interfaces, ba abin da ya haɗa shi da wayar ofis. Kwamfuta ta lalace a ɗauko ta a kawo teburin. Ga laftof takwas wannan ba wahala ba ce, tsofaffin 16 ne za ka ɗan sha ɗauka, amma sau nawa ake zubi a shekara. Za ka iya ƙara dhcp-ignore=tag:!known don sabar ta amsa wa adireshin MAC da ka rubuta kaɗai, yana rage kuskure, sai dai MAC abu ne da ake kwaikwaya cikin sauƙi, kar ka ɗauke shi a matsayin kwaɗo.

Sai su kansu kwamfutocin. Ka duba jerin tashi na tsofaffin nan, da yawa za ka tarar netwok ne a sama da hadis, wato kowace safiya, da duk lokacin da aka ɗauke wuta aka ta da janareta, sai sun yi shelar nan kafin su shiga Windows. Ka mayar da hadis farko, ka sa kalmar sirri a BIOS don kar kowa ya canja, in akwai zaɓin kulle menu na F12 ka kulle. PXE na IPv6 ka kashe shi gaba ɗaya tunda ba ka amfani da shi, ramukan PixieFail guda tara da aka bayyana a Janairun 2024 yawancinsu a ɓangaren IPv6 na lambar netwok ɗin UEFI suke, kuma suna aiki ne tun kafin a kai ga duba wani sa hannu. Menu na GRUB kuma kar ka taɓa barin zaɓin da ke goge hadis ya zama shi ne na kai tsaye in lokaci ya ƙare, na kai tsaye ya zama `exit` ya koma hadis.

Gobe in ka shiga ofis ka fara da laftof ɗin da ka riga ka taɓa, mayar mata da Secure Boot, tabbatar da `Confirm-SecureBootUEFI` ya ce True a PowerShell na admin, jera shim da GRUB, buɗe rajista ka danna F12. In ta maƙale ka turo min layuka biyar na ƙarshe na rajistar da samfurin laftof ɗin, daga sunan fayil na ƙarshe za mu san wanda ya ƙi wani.